Babi na 7: Ya tafi babu sallama, wace ƙofa za a fara rufewa?

"Mun canza masa kalmar sirri, ai shi ke nan ko?" Wannan ce tambayar da mai ƙaramin kamfani yakan yi ranar da wani ma'aikaci ya ajiye aiki ba zato, ko aka sallame shi bayan cacar baki. Amsar ita ce a'a, da saura. Kalmar sirri kwaɗon ƙofar zaure ce kawai, shi kuwa mutumin da ya shekara uku yana shiga da fita a gida ya san ƙofar baya, yana da mukullin sito, wataƙila ma ya yanka kwafin wani mukullin da shi kansa ya manta da shi.

A watan Afrilun 2018 wani injiniya ya bar aiki a kamfanin Cisco na Amurka. Wata biyar bayan haka, a Satumba, ya shiga tsarin kamfanin da ke kan AWS ya goge injinan gizo 456, abin da ya rufe asusun Webex Teams sama da 16,000, wasu har na tsawon mako biyu. A Disambar 2020 kotu ta ɗaure shi shekara biyu. Abin lura a labarin shi ne watanni biyar ɗin nan. Mutum ya tafi tun kafin damina, kaka ta kusa, amma hanyarsa ta shiga tana nan a buɗe.

Domin kada maganar ta tsaya a sama, mu ƙaddara wani kamfani a Kano mai ma'aikata goma sha biyu, yana sayar da kaya ta intanet. Imel da takardunsa suna kan Google Workspace, lambobin manhajarsa suna GitHub, sabarsa tana kan AWS, abokan ciniki kuma suna yi masa magana ta WhatsApp. Injiniya ɗaya ne ya haɗa kusan komai. Ranar Alhamis da la'asar ya turo saƙo cewa ya bar aiki daga yau, wayarsa kuma a kashe. Laftop ɗin ofis tana hannunsa.

Me ya sa kalmar sirri ba ta isa ba

Ka tuna yadda ake sauka a otal. Sau ɗaya kake nuna katin shaida a wurin karɓar baƙi, sai a ba ka mukullin ɗaki. Daga nan babu mai sake tambayarka katin, mukullin ne ke buɗe ƙofa. Idan aka ƙwace katin shaidarka da daddare, mukullin da ke aljihunka bai san an yi ba.

Haka shiga asusu take. Ka rubuta kalmar sirri sau ɗaya, sai tsarin ya ba burauzarka ko manhajar wayarka wata doguwar lamba ta sirri, wadda ake kira kuki ko tokin, ita kuma za a riƙa nunawa duk lokacin da ka buɗe imel. Shi ya sa wayarka ba ta tambayarka kalmar sirri kowace safiya. Tokin iri biyu ne. Akwai gajere, wanda a Google yakan mutu bayan sa'a ɗaya, akwai kuma dogo, wanda aikinsa shi ne karɓo sabon gajere duk lokacin da tsohon ya mutu. A tsarin Microsoft dogon yakan kai kwana 90, kuma yana sabuntuwa muddin ana amfani da shi.

Ga inda mutane suke faɗawa rami. A Google, canza kalmar sirri yana kashe dogon tokin na manhajojin da aka ba izinin taɓa Gmail. Manhajar da aka ba izinin Drive kaɗai, misali wadda ke kwafe takardu zuwa wani ma'aji na daban, ba dole ba ne ta mutu. Kana ganin ka rufe, ita kuwa tana ci gaba da jido.

Sa'ar farko: a dakatar, kada a goge

Kafin a taɓa komai, manajan kamfaninmu zai tambayi kansa abu ɗaya: akwai wani babban admin ban da wanda ya tafi? Idan akwai, aiki ya zo da sauƙi. Idan babu, sai an bi hanyar Google ta dawo da asusun admin, inda za a nemi kamfani ya tabbatar shi ke da sunan yankinsa na intanet ta hanyar saka wani rubutu a bayanan DNS. Ke nan wanda ke riƙe da asusun da aka sayi sunan yankin shi ne mai gida na gaskiya. Idan injiniyan ya saye shi da imel ɗinsa na kansa, to wannan ce matsala ta ɗaya, kuma lallashi ya fi saurin warware ta fiye da kowane umarni na kwamfuta.

Mu ɗauka manajan shi ma babban admin ne. Zuciya za ta ce masa ya goge asusun gaba ɗaya ya huta. Kada ya yi. Gogewa tana tafiya da wasiƙu da takardun da mutumin ya mallaka, har da kwangilolin da ya ƙirƙira kowa yana amfani da su, kuma Google kwana 20 kawai yake bayarwa a dawo da asusun da aka goge. Dakatarwa tana hana shiga nan take, ta bar kayan ciki yadda suke. Kamar sanya wa shago sabon kwaɗo ne, kaya suna ciki har a zauna a yi lissafi.

Bayan dakatarwa sai a cire masa matsayin admin, a fitar da shi daga duk na'urorin da ya shiga da su, sannan a soke izinin manhajoji. A shafin admin, biyun ƙarshe suna ƙarƙashin Security na mai asusun: Sign-in cookies, da Connected applications, da App passwords. Masu amfani da GAM, wato manhajar da admin ke sarrafa Workspace da rubutaccen umarni, layi uku sun ishe su fitarwa da soke izini da dakatarwa, amma su bar dakatarwar a ƙarshe:

```
gam user injiniya@example.com signout
gam user injiniya@example.com deprovision
gam update user injiniya@example.com suspended on
```

Layi na biyu shi ne ke share tokin na manhajoji da kalmomin sirri na manhaja da lambobin ko-ta-kwana na tabbaci mai mataki biyu. Wani zai ce, tunda an dakatar, mene ne amfanin wannan duka? Amfaninsa yana zuwa ranar Litinin, lokacin da wani zai ce a buɗe asusun na minti goma a ɗauko wata takarda. Duk abin da ba a soke ba zai farka tare da asusun. Saboda wannan dalili dai ake goge lambar waya da imel na ceto da mutumin ya saka, a kuma duba ko ya kafa dokar tura kwafin wasiƙu zuwa wani adireshi na waje. In an bar lambar ceto, tsohon ma'aikaci zai iya danna "na manta kalmar sirri" a turo masa saƙo a wayarsa.

Mukullan da ba su san an sallami kowa ba

Yanzu an rufe zaure. Duk manhajar da ake shiga da maɓallin "Sign in with Google" ba za ta sake karɓar sabuwar shiga ba, ko da yake wasu suna riƙe da nasu zaman na kwanaki, don haka sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an cire shi. Aikin da ya fi cin lokaci yana wurin mukullan da ba su da alaƙa da imel ko kaɗan.

Mu fara da AWS. Mai asusu a can yana iya samun kalmar sirri ta shiga shafi, yana kuma iya samun mukullin shiga har guda biyu, waɗanda lambarsu ke farawa da AKIA. Mukullin na manhaja ne da umarni, ba ya tambayar kalmar sirri, kuma ba ya tsufa da kansa. Ana iya goge kalmar sirrin mutum mukullinsa ya ci gaba da aiki shekaru. Ga yadda ake dubawa da kashewa:

```
aws iam delete-login-profile --user-name injiniya
aws iam list-access-keys --user-name injiniya
aws iam get-access-key-last-used --access-key-id AKIA...
aws iam update-access-key --user-name injiniya \
  --access-key-id AKIA... --status Inactive
```

A kamfaninmu na misali, umarni na biyu ya nuna mukulli biyu. Na uku ya nuna an yi amfani da ɗaya ranar Laraba da rana, ɗayan kuma da ƙarfe biyun daren jiya, a kan ma'ajin S3. Wannan na biyun yana ba da labari. Mutum ba ya aiki da ƙarfe biyun dare daidai kullum, inji ne. Injiniyan ya saka mukullinsa na kansa a cikin aikin da ke adana kwafin bayanan kamfani kowane dare. Idan aka kashe mukullin, adanawar daren yau za ta tsaya. Idan aka bar shi, mutumin da ba a san abin da ke ransa ba yana da hanyar taɓa kwafin da za a dogara da shi in komai ya lalace.

A ganina babu dogon tunani a nan: a kashe. Rasa adanawar dare ɗaya asara ce da aka san iyakarta. Amma a lura da kalmar Inactive, an kashe ne ba a goge ba, domin in wani abu mai muhimmanci ya faɗi a iya gane mukullin da ya dogara da shi. Gobe sai a ƙirƙira wa aikin adanawar nasa izinin, wanda ba na kowane mutum ba ne, mai ikon rubutu a ma'aji ɗaya tak. Akwai kuma wani saura: idan injiniyan ya riga ya yi amfani da mukullinsa ya hau wani matsayi na IAM, an ba shi izinin wucin gadi mai farawa da ASIA, wanda yakan yi sa'a ɗaya amma ana iya tsawaita shi har sa'a 12. Kashe mukullin asali ba ya kashe wannan. Sai an shiga shafin matsayin an danna Revoke active sessions.

Sabar Linux tana da irin wannan tarko, kuma na sha ganin ƙwararru sun faɗa. Umarnin `passwd -l` yana kulle kalmar sirri kawai. Wanda ke shiga da mukullin SSH, kamar yadda yawancin injiniyoyi suke yi, zai wuce abinsa. Abin da ke rufe asusun shi ne sa masa ranar ƙarewa da ta wuce, sannan a yanke duk abin da yake gudana da sunansa:

```
sudo usermod --expiredate 1 injiniya
sudo pkill -KILL -u injiniya
sudo crontab -l -u injiniya
```

Layi na ƙarshe yana nuna ayyukan da ya tsara su riƙa tashi da kansu, a karanta su da idon basira. Daga nan a buɗe fayil ɗin `authorized_keys` na kowane asusu a sabar, musamman na tarayya irin su `root` da `ubuntu`. Sau da yawa mukullin mutum yana kwance a can, kuma rufe asusunsa na kansa bai shafe shi ba.

A GitHub, cire shi daga ƙungiyar kamfani yana yanke hanyarsa zuwa rumbunan sirri, har da ta tokin ɗinsa da mukullinsa na SSH. Abu biyu ne ke saura. Mukullin da aka liƙa wa rumbu kai tsaye, wanda shafin ke kira Deploy keys, yana ci gaba da aiki ko an cire wanda ya saka shi. Na biyu kuwa babu maɓallin da zai gyara shi: kwafin lambobin da ya riga ya sauke a laftop yana nan a hannunsa.

Abin da ya sani a kansa

Wannan kwafin shi ne ya kawo mu ga sashe mafi gajiyarwa. Izini ana soke shi, sani kuwa ba a soke shi. Duk wani sirri da mutumin ya taɓa gani, sai a ɗauka yana da shi, a canza. Kalmar sirrin rumbun bayanai da ke cikin fayil ɗin `.env`, mukullin sirri na kamfanin da ke karɓar kuɗin abokan ciniki, mukullin aika saƙon tes, kalmar sirrin wayalas ɗin ofis, da asusun nan guda ɗaya na sada zumunta da mutum huɗu suke shiga da kalma ɗaya.

Ba za a iya canza su duka a dare ɗaya ba, don haka a jera su da tambaya ɗaya: wanne ne ake iya amfani da shi daga ko'ina a duniya, ya kuma taɓa kuɗi ko bayanan mutane? Mukullin biyan kuɗi yana gaba. Kalmar wayalas tana iya jira zuwa safe, tunda sai mutum ya zo bakin ofis. Kalmar rumbun bayanai ta danganta: in rumbun ba ya amsa kira sai daga cikin sabar, rufe sabar ya sayo lokaci. Wajen canzawa kuma akwai tsari. A ƙirƙiri sabon mukulli, a saka shi a manhaja, a gwada ciniki ɗaya ƙarami, sannan a kashe tsohon. Wanda ya fara da kashewa zai rufe wa kansa shago da rana tsaka.

Akwai wani da ake yawan mantawa. A asusun tarayya, lambar nan mai alƙaluma shida da ke canzawa kowane daƙiƙa 30 tana fitowa ne daga wani sirri da ke cikin hoton QR da aka ɗauka ranar farko. Duk wayar da ta ɗauki hoton za ta ci gaba da fitar da lambar daidai, ko babu intanet. Canza kalmar sirri bai taɓa wannan ba. Sai an cire tabbacin an sake kafa shi da sabon hoto.

Laftop, waya da layi

Idan laftop ɗin tana ƙarƙashin manhajar sarrafa na'urori, ana iya aika mata umarnin kullewa ko gogewa. Umarnin ba ya aiki sai ta hau intanet, saboda haka a duba ko shafin ya nuna an aiwatar ko yana jira. Kullewa ta fi dacewa da farko. Idan ana zargin an yi ɓarna, abin da ke cikin na'urar shaida ne, gogewa kuma tana ƙone shaidar. Haka in ta dawo hannu, kada a miƙa wa sabon ma'aikaci washegari kafin a kwafe abin da ke ciki. Idan kuwa babu manhajar sarrafawa, kamar yadda yake a yawancin ƙananan kamfanoni, to babu abin da za a iya daga nesa sai abin da muka riga muka yi, wato mayar da duk mukullan cikinta matattu.

Wayarsa ta kansa daban ce. Kamfani yana da haƙƙin cire asusun aiki daga cikinta, ba shi da haƙƙin goge hotunan iyalinsa. A shafin Google akwai Wipe account akwai kuma Wipe device, kuma yatsa mai fushi yakan danna na biyu. Wayar ofis da za a karɓa kuma, a sa mai ita ya fita daga asusunsa na Apple ko na Google kafin a yi sallama, in ba haka ba za ta kulle kanta bayan an goge ta, ta nemi kalmar sirrin wanda ya tafi.

Sai layin waya, wanda a Nijeriya yakan fi laftop haɗari. Kowane layi an haɗa shi da lambar NIN ta wani. Idan injiniyanmu ne ya je ya sayi layin da kamfani ke amfani da shi, a wurin kamfanin sadarwa layinsa ne. Ko sim ɗin yana cikin wayar ofis, zai iya zuwa ya ce ya ɓace a ba shi sabo, daga nan lambobin tabbaci na banki da na WhatsApp su koma hannunsa. Maganin gaggawa shi ne a sauya lambar da banki ke turo saƙo zuwa layin da aka yi wa rajista da sunan kamfani ko mai shi, a rubuta wa banki a cire injiniyan daga masu izini, a kuma sa wa WhatsApp sabuwar lambar tabbaci mai alƙaluma shida da imel na kamfani. A buɗe Linked devices a fitar da duk na'urar da ba a gane ba. Burauzar da aka haɗa tana ci gaba da karanta saƙonni muddin ana amfani da babbar wayar, ba ta fita da kanta sai wayar ta yi kwana 14 ba a taɓa ta ba.

Ta yaya za a san ƙofar ta rufu?

Alamar da aka yi a takarda tana nuna an danna maɓalli ne kawai. Tabbaci yana cikin rajistar da tsarin ke ajiyewa. Ranar Juma'a da safe manajanmu zai sake gudanar da `get-access-key-last-used`, ya duba CloudTrail, wanda ke ajiye tarihin ayyukan gudanarwa na kwana 90, ya nemi duk wani yunƙuri da sunan injiniyan.  Yunƙurin da aka ƙi daga wani adireshi baƙo yana nufin wani ya gwada ƙofa ya tarar a rufe. Wanda ya yi nasara yana nufin akwai mukullin da ba a gano ba.

A kuma waiwaya baya, kamar mako huɗu kafin tafiyar. Shin an ƙirƙiri sabon mai asusu da ba wanda ya san shi? An ƙara wani admin? An sauke takardu da yawa a rana ɗaya, ko an raba wata jaka da adireshin waje? Wanda ya shirya tafiya da mugun nufi ba kasafai yake dogara da asusunsa ba, yakan buɗe wata taga da suna mai kama da na inji. Idan binciken ya nuna bayanan abokan ciniki sun fita ta yadda zai iya cutar da su, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba kamfani sa'a 72 daga lokacin da ya sani ya sanar da hukumar kare bayanai. Don haka a riƙa rubuta lokacin da aka yi kowane mataki da sunan wanda ya yi shi, tun daga saƙon nan na la'asar. Yawancin masu tafiya haka ba ɓarayi ba ne, wani gajiya ce, wani rashin lafiyar gida, kuma wannan rubutun shi ne zai wanke mutum in wani abu ya lalace daga baya aka fara nuna yatsa.

Mai karatu zai lura cewa manajanmu ya kwana yana bincike ne saboda babu wanda ya taɓa rubuta abin da aka ba injiniyan tun ranar da ya fara aiki. Mukullin adanawa sai da rajista ta tona shi, layin waya kuma sai da wani ya tuna wanda ya je sayensa. Babi na gaba zai ɗauki wannan giɓi: yadda ake buɗe littafin izini tun ranar ɗaukar ma'aikaci, abin da ake rubutawa a kowane layi, da yadda ake raba mukullan mutane da na injina.